Kafa farantan sola a kan kwano, dekin da ƙasa: me zai riƙe su ranar iska?

Yawancin masu sayen sola suna ƙarar da tambayoyinsu a kan inbata da batir. Idan aka zo wajen ɗora faranti, sai a bar wa yaran mai haɗawa su hau sama da guduma da waya. Ko an yi tambaya, ba ta wuce guda ɗaya: shin rufin zai ɗauki nauyin? Amsar kusan kullum ita ce zai ɗauka. Farantin wat 550 da ya cika kasuwa yanzu tsawonsa kusan mita 2.28 ne, faɗinsa mita 1.13, nauyinsa kuma wajen kilo 28. In ka raba wannan nauyi a kan faɗin da ya shimfiɗu, bai wuce kilo 11 a kowace murabba'in mita ba. Kafintan da ya buga kwanon ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba, kuma a kan tafin ƙafa biyu ya tsaya.

Abin da ke lalata aikin sola a sama ba dannawa ƙasa ba ne, fizgewa sama ne. Duk wanda ya zauna a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi ya san iskar da ke gaban hadarin farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ɗigon farko ya sauka. Ƙarfin da iska ke yi wa abu mai faɗi ana iya ƙiyasta shi da lissafi mai sauƙi: a ninka gudun iskar da kansa, a mita cikin daƙiƙa, sannan a ninka da 0.6, a raba da 9.8 don a samu kilo a kowace murabba'in mita. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana ba da kusan kilo 55 a kowace murabba'in mita. Faranti ɗaya faɗinsa ya kusa murabba'in mita 2.6, don haka abin da ke jansa ya kai kilo 140, alhali shi kansa kilo 28 ne. Kuma idan gudun iskar ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Wannan ƙiyasi ne na kusa, ba lissafin injiniya ba, amma ya isa ya nuna inda matsalar take.

Bari mu ɗauki gida ɗaya a Kano mai faranti shida na wat 550, mu bi su zuwa wurare ukun. Nauyinsu da ƙarafunan da ke riƙe su ya kusa kilo 190. Ranar irin waccan iska, abin da ke neman ɗaga su ya kai kilo 850. Tambayar a kowane wuri ɗaya ce: mene ne zai riƙe wannan bambanci?

A rufin kwano, amsar ita ce katako. Kwanon kansa ba ya riƙe komai. Mai arahar da aka fi rufa gidaje da shi kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma kusar da ta tsaya a jikinsa kaɗai, iska tana girgiza ta sau da yawa sai ramin ya buɗe ta zare. Saboda haka aikin ba a saman rufi yake farawa ba, a cikin silin yake farawa. Mai haɗawa ya shiga da tocila ya ga katakon da aka buga kwanon a kai, ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ya soka musu sukundireba. Idan bakin ya nutse kamar a cikin burodi, gara ko ruwa sun riga sun gama da shi, kuma babu notin da zai kama a nan. Ya kuma duba yadda aka ɗaure rafta a jikin bulo. Wannan shi ne abin da ake yawan tsallakewa. Kana iya ɗaure faranti da kyau a jikin katako, iska ta zo ta yaye faranti da kwano da katakon gaba ɗaya, saboda ƙusoshi biyu ne kacal ke riƙe rufin a kan bango.

Yadda aikin ya kamata ya kasance shi ne a shimfiɗa dogayen sandunan alminiyam guda biyu, waɗanda masu sana'ar ke kira rel, a kan ƙananan ƙafafu, sannan a matse farantan a kansu da kilam. Kowace ƙafa tana zaune a kan dogon noti mai zare wanda ya huda kwano ya shiga katako. Faranti shida a jere, a tsaye, da ratar santimita biyu a tsakaninsu, suna cin mita 6.9. Idan aka sa ƙafa a kowane mita ɗaya da ɗan kai, kowane rel zai samu bakwai, jimla 14. Raba kilo 850 gida 14, kowace ƙafa tana ɗauke da kusan kilo 60. Noti mai kauri da ya shiga lafiyayyen katako santimita huɗu zuwa biyar zai riƙe wannan ba tare da wahala ba. Ƙusar kwano ba za ta riƙe ba, haka ma wayar ɗauri da ake zagayawa a ramukan firam, wadda tsatsa ke cinyewa cikin damina biyu ko uku.

Akwai wata tangarɗa a nan da ta shafi yadda ake rufi a wajenmu. Katakon da ake buga kwano a kai galibi tu-bai-tu ne, kuma siriri ne ga noti mai kaurin milimita 10. In aka murɗa shi da ƙarfi ba tare da an fara huda ƙaramin rami ba, katakon zai tsage a tsawonsa, kuma daga sama ba za ka gani ba, sai dai ka ji notin yana juyawa ba ya tsayawa. Maganin shi ne a fara hudawa da siririn baki, a nemi daidai inda tu-bai-tu ya haye kan rafta domin notin ya wuce cikin katako mai kauri, ko kuma a shiga silin a ƙara guntun tu-bai-fo a ƙarƙashin wurin. Wannan ƙarin aikin rabin yini ne, kuma a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a duk aikin.

Wurin hudawa kuma a kan tudun kwano ne, ba a cikin kwarinsa ba, domin kwarin shi ne hanyar ruwa. A ƙarƙashin kan notin a sa washa mai baƙar roba irin wadda ke jure rana, a matse ta har ta ɗan baje, ba har ta fashe ba. Silikon da ake lafta wa rami ba ya maye gurbin wannan roba. Zafin kwano da motsinsa na safe da rana suna ɓamɓare shi. Idan aka gama huda, a share garin ƙarfen da ya zuba, in ba haka ba bayan ruwan farko za ka ga jajayen ɗigo-ɗigo na tsatsa a kan kwanon. Alamar cewa an yi kuskure tana fitowa a silin: tabon ruwa a jere, a kan layi ɗaya, da tazara iri ɗaya. Yoyon tsohon kwano ba ya bin layi haka.

Sai batun inda kilam zai kama faranti. Kamfanonin da ke ƙera su suna nuna wurin a takardar da ke zuwa da kaya, kuma yawanci yana kusa da kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon daga kowane ƙarshe, wato wajen rabin mita ga farantinmu. Idan katakon rufin suna da tazarar santimita 60, ka yi sa'a: rel ɗaya a kan wannan katako, ɗayan a kan na uku, tazararsu mita 1.2, kuma faranti ya yi saura santimita 54 a sama da ƙasa. Idan tazarar santimita 90 ce, lissafin ba ya zama, ko dai rel su matsu da yawa ko su yi nisa. A nan sai a juya rel su bi gangaren rufin suna tsallaka katakon, farantan kuma a kwantar da su a kaikaice. Abin da ba a yi shi ne huda sabon rami a firam don ya dace da katako. Hakan yana raunana firam ɗin, kuma yana kashe garanti.

Gefen rufi da kusurwoyinsa da kan tsororuwa su ne inda iska ta fi tsotsa, har ninki biyu ko fiye na tsakiyar rufi. Shi ya sa kwano daga kusurwa yake fara yayewa. A ja baya da aƙalla rabin mita daga kowane gefe, kuma kada faranti ya leƙo waje ko da taƙi ɗaya.

Tsakanin faranti da kwano a bar sarari na santimita 10 zuwa 15. Wat 550 da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari. A watan Afrilu faranti yana iya kaiwa digiri 65, wato asarar kashi 14, sai 550 ya koma wajen 470. Wanda aka manna a jikin kwano ya fi haka zafi, domin iska ba ta ratsa ƙasansa. Wayoyi ma a ɗaure su a jikin rel, kada su kwanta a kan kwano mai zafi, kuma kada mahaɗinsu ya zauna a kwarin da ruwa ke bi.

Game da fuskanta, a kan kwano ka bi yadda rufin yake. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, don haka rana tana bi ta kusan tsakar ka. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ma ta ɓangaren arewa take ratsawa da tsakar rana. Kudu ya fi, amma rufi mai sauƙin gangare da ke kallon gabas ko yamma abin da yake rasawa a shekara kaɗan ne. Ban ga hikimar a yi wa faranti dogayen ƙafafu a kan kwano don a karkato shi kudu ba. Ribar ba ta kai haɗarin buɗe wa iska baki ba.

A kan dekin, wato rufin kankare, babu gangare, don haka kai ne za ka yi shi. Digiri 10 zuwa 15 ana kallon kudu ya wadatar a duk yankin nan. Kada a shimfiɗa faranti a kwance ɗam. Ruwa yana kwanciya a bakin firam, ƙurar hunturu ta zama laka a gefen, ta bushe ta rufe layin ƙwayoyin da ke ƙasa. A digiri 12, bayan farantinmu zai ɗaga da santimita 47 sama da gabansa. Wannan ɗagawa ita ce ke buɗe ƙofa ga iska ta ɓangaren arewa, kuma iskar hadari da ta karkato daga arewa maso gabas kai tsaye take shiga ƙarƙashi.

Hanyoyi biyu ne na riƙe shi: ko a huda dekin a sa noti mai buɗewa a cikin kankare, ko a danne da nauyi. Huda ta fi ƙarfi, amma tana da farashinta. Dekin na gida yawanci inci shida ne, cikinsa akwai rodi da bututun wayar lantarki da aka binne lokacin zuba shi. Ramin santimita shida zuwa takwas ya isa, kuma dole a hure ƙurar ciki kafin a sa noti, a kuma toshe kewayensa da abin hana ruwa. Ramin da aka bari a buɗe yana kai ruwa ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, bayan wasu shekaru sai ka ga kankare yana ɓarewa daga ƙasan dekin a cikin ɗaki. Idan an shimfiɗa wa dekin kwalta ko ledar hana yoyo, ni ban ba da shawarar a huda ba sam.

Dannewa da nauyi kuwa ita ce inda ake yaudarar kai. Za ka hau bene ka tarar da bulo huɗu ko shida an jingina su a ƙafafun firam. Bulon inci tara mai rami kilo ashirin da wani abu ne, shida ba su kai kilo 150 ba. Mu kuma muna da kilo 850 na ja, ka cire 190 na nauyin kayan, saura 660, kuma mai hankali yana ƙara rabin wannan a kai saboda abin da lissafi bai hango ba. Kusan tan ɗaya ke nan. Kankare yana da nauyin kilo 2,400 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, don haka dunƙule mai santimita 40 a tsawo, 40 a faɗi, 20 a kauri yana ba da kilo 77. Ana bukatar irinsa 14, kuma kowanne a ɗaure shi da noti a jikin firam, ba a ɗora shi kawai ba. A fi yawaita su a layin baya da kuma ƙarshen jeri. Idan aka baza tan ɗaya a kan murabba'in mita 16 zuwa 20, lafiyayyen dekin zai ɗauka. Wanda ya tsattsage ko ya lotsa a tsakiya, sai injiniya ya gani tukuna. A kuma jera dunƙulen yadda ba za su tare wa ruwa hanyar zuwa indararo ba.

Idan wurin bai isa jeri ɗaya ba, aka yi biyu na uku-uku, tazarar da ke tsakani ba ta bukatar yawa. A watan Disamba, lokacin da rana ta fi yin ƙasa, tsayinta da tsakar rana a Kano ya haura digiri 54. Daga hantsi zuwa gab da la'asar, inuwar da abu ke jefawa arewa ba ta wuce tsayinsa ba. Jeri mai tsayin santimita 47 yana bukatar kusan rabin mita, sai a mai da shi santimita 60 don mai wanki ya samu wurin taka ƙafa. Tazarar ninki biyu ko uku da ake gani a littattafan Turai don ƙasashensu aka yi ta. Wannan ƙa'ida ta shafi rawanin bene ma: mai tsayin mita ɗaya a kudu, a ja baya da mita ɗaya. Tankin ruwa da farantin tauraron ɗan'adam su ne masu ɓarna a ɓoye, domin inuwarsu tana yawo da safe da yamma, kuma inuwa a kan faranti ɗaya tana rage abin da sauran da ke jere da shi a waya ɗaya ke bayarwa. Gara a hau sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar, a ga inda take faɗawa kafin a zuba siminti.

Masu walda suna son yin doguwar rumfa a kan bene, mai tsayin mutum, don a samu inuwar zama a ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma irin wannan nauyi kaɗai ba ya riƙe ta. Iska tana turo ta daga gefe, tsawon ƙafafun kuma yana ninka ƙarfin a gindi. Dole ƙafafun su sauka a kan bim ko ginshiƙi da noti, a kuma sa ƙarafunan kaikaice a ɓangarori biyu. Kama ƙafa ɗaya ka girgiza: in saman yana lilo, aikin bai ƙare ba. Wajen da aka yi walda a goge shi a shafa jan fenti na hana tsatsa, kuma tsakanin baƙin ƙarfe da firam na alminiyam a sa roba, domin idan suka haɗu da danshi alminiyam ɗin ne ke cinyewa.

Wanda yake da fili, ƙasa ta fi duka sauƙin zama da ita. Kai ke zaɓar fuska da gangare, iska tana ratsawa ta sanyaya faranti, kuma a lokacin hunturu, da ƙura ke bukatar wanki kowane mako, yaro ma zai iya yi da bokiti da tsumma mai laushi da sassafe. Faranti a kan kwano mai tsayi sau da yawa ba a wanke shi sai ruwan sama ya zo. Shi ya sa rijiyoyin burtsatse masu sola da gonakin rani kusan duk a ƙasa ake kafa nasu.

A nan tushe ne ke riƙewa. Ga faranti shida, ƙafafu shida na bututun ƙarfe mai inci biyu, uku gaba uku baya, kowanne a rami mai santimita 40 a kowane gefe da zurfin 70. Kankaren da zai cika rami ɗaya ya kai kilo 270, shida sun haura kilo 1,600, sun wuce abin da muke nema. Haɗin ya zama siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yi wa gindin bututun walda da guntun rodi a gicciye don kada ya zare daga cikin kankare, a ɗaga kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu don ruwa ya gangare, a yi ta ba shi ruwa har mako guda kafin a ɗora kaya. A ƙasa mai rairayi ramin yana zubewa kuma ba ta kama tushe, sai a faɗaɗa. A baƙar laka irin ta fadama da ta yankin tafkin Chadi, wadda ke dararrewa da rani ta kumbura da damina, sai a ƙara zurfi, in ba haka ba ƙafa ɗaya za ta ɗaga ta murɗe firam har gilas ya tsage.

Gefen ƙasa na faranti ya tashi aƙalla santimita 60, mita ɗaya ya fi, saboda fantsamar laka da ciyawa da awaki, waɗanda ba sa ganin abu mai gangare su ƙyale. Shinge dole ne, amma a ja shi nesa yadda inuwarsa ba za ta hau ba, a kuma nome busasshiyar ciyawa kafin lokacin gobarar daji. Don ɓarayi, akwai noti da kansa ke karyewa idan ya gama matsewa, ko a ɗiga walda a kan zaren bayan an ɗaure.

Abin da ƙasa ke ci shi ne waya, saboda nisa. A ce daga fili zuwa ɗakin inbata mita 30 ne, zuwa da dawowa 60, da waya mai kaurin murabba'in milimita huɗu. Idan aka jera shidan a layi ɗaya, suna ba da kusan bolt 250 da amfiya 13, asarar da ke kan waya wajen bolt uku da rabi ce, ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Idan kuwa inbatar mai ƙaramin bolt ce, aka haɗa su biyu-biyu gida uku, sai a koma bolt 83 da amfiya 39, wannan wayar kuma ta cinye bolt goma, kusan kashi 12, tana ɗumi a hannu da tsakar rana. Don haka a duba abin da inbata ke karɓa kafin a zaɓi wurin kafawa. Wayar ta bi cikin bututu a binne ta zurfin rabin mita, firam ɗin kuma a haɗa shi da sandar atin da aka kafa a ƙasa mai danshi. Layin faranti shida idan ba ya ɗauke da kaya yana kaiwa kusan bolt 300 da zarar rana ta fito, ko inbata tana kashe, saboda haka akwatin da wayoyin ke haɗuwa a cikinsa ya kasance da kwaɗo, kuma sama da inda hannun yaro zai kai.